Wasiƙar Unguwarmu Kan Kwashe Shara: Kowa Ya Ɗauki Nasa Kaya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wasiƙar da ƙungiyar mazauna unguwarmu ta kai wa ƙaramar hukuma, ta neman a riƙa kwashe shara a kai a kai. Ni manomi ne, ina kuma taɓa tireda a bakin kasuwa, karatuna bai wuce firamare ba. To amma na ga garuruwa da yawa ciwonsu irin namu ne.

Da farko, wasu na cewa wai roƙo muka je yi. A'a. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa kwashe shara da kula da bayan gida na jama'a a wuyansu. A jerin nan ne kuma aka ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota, inda suke yankar mana tikiti. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Haka kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Saboda haka idan ciyaman ya ce babu kuɗi, muna da bakin tambaya: nawa ya shigo, nawa aka ware wa tsabta?

Abin da ya burge ni a wasiƙar shi ne ba a cika ta da kuka ba, lissafi aka yi. Matasa sun bi gida gida, suka ƙirga gidaje 240. Suka zauna a bakin juji mako guda suna duba abin da ake zubarwa, suka ga kusan kowane gida na fitar da baro ɗaya a kwana uku. Ke nan baro 80 kullum. Direban tifa ya ce ƙaramar tifarsa ma kimanin baro 80 take ci. Ashe unguwarmu na haifar da tifa guda ta shara kowace rana, tifa 30 a wata.

To, me ake kwashewa? Mota kan zo ne ranar tsabtar ƙarshen wata kawai, in ta yi ƙoƙari ta yi sawu 6. Saura tifa 24 su kwana a wurin, wata mai zuwa wasu 24 su hau kansu. Jama'a, ko ɗan aji uku ya san inda wannan lissafi zai kai mu. Tsabtar wata-wata da muka gada tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985 tana sa mutane su fito da tsintsiya, amma share ƙofar gida daban, ɗauke juji daban. Shi ya sa za ka ga an yashe kwata an tara dagwalo a bakinta, ruwan farko ya sauka ya mayar da shi ciki.

Ɓarnar kuwa a aljihunmu take ƙarewa. Leda ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a gindin katangar ƙasa har ta jiƙe ta zube. Ƙuda ya tashi daga juji ya sauka a kan tiren mai ƙosai da teburin mahauci, mai saye ya kau da kai, ga tsoron amai da gudawa da damina. Akuya ta ci leda, ka ga tana ramewa, cikinta a kumbure, ba ta cin abincin kirki, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbinta. In an gaji an cinna wa jujin wuta kuma, hayaƙin roba ya hana tsofaffi da masu asma barci.

Wasiƙar ba ta ɗora wa hukuma kayan duka ba, nan ne hikimarta. Mu manoma mun san yawancin abin da ke cikin juji taki ne: toka, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke ɗibar takin birni a kan jakuna suna kai wa gona. Abin da ya ɓata shi yanzu leda ce da fasassun kwalabe da batir, wani lokaci har da allurar kemis. Sai ƙungiya ta yi alkawarin kowane gida zai ware toka da kashin dabbobi gefe guda, mu manoma mu kwashe da amalanke a kan kuɗinmu. A ƙiyasin matasan, wannan zai ɗauke rabi. Ya rage tifa 15 a wata. Shi ne aka nemi mota ta zo Litinin da Alhamis, sawu biyu biyu. A mako huɗu sawu 16 ke nan, har da rarar ɗaya saboda ranar kasuwa. Wannan ai bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Ga masu son yin irin tamu, ku lura da yadda aka kai ta. Ba a miƙa wa wani a bakin ƙofa ba. An kai ofis, aka buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu. An ba kansila kwafi, an ba hakimi, an ba shugaban duba-gari. An kuma nemi amsa a rubuce cikin kwana 21. Takardar da ba hatimi, gobe sai a ce ba a gan ta ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, akwai inda wasiƙar ta gaza. Ba ta tambayi inda za a kai sharar ba. Idan direba ya ɗauka ya juye a kududdufin bayan gari, kusa da rijiyoyin mutane, ko a gonar wani bawan Allah, to an gudu ne ba a tsira ba. Ya kamata a nemi hukuma ta keɓe fili nesa da gidaje da ruwan sha, a sanar da kowa. Na biyu, ba a nemi a sa aikin cikin kasafin kuɗin shekara ba. Aikin da ba shi cikin kasafi alfarma ce, ran da mota ta lalace ko man gas ya yi tsada, shi ke nan an daina.

Akwai kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa masu cewa mu daina biyan tikiti sai an kwashe. Ni ban goyi baya ba. Ran da muka daina biya mun ba su hujja, kuma ƙaramin ɗan tireda za a fara kamawa. Gara mu biya mu adana rasit, mu buɗe littafi a wurin mai unguwa: duk ran da mota ta zo a rubuta sawu nawa ta yi, ran da ba ta zo ba a rubuta. Bayan wata uku a ɗauki littafi da rasit a koma. Da hujja ake kama mai gardama, ba da hayaniya ba.

Daga ƙarshe ina kira ga ciyaman da kansilolinsa, don Allah a ba da amsa kafin ruwa ya sauka, domin rigakafi ya fi magani. Mu kuma magidanta mu cika namu alkawari, mu hana yara juye shara a kwata. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.



Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Bakin Kasuwa.