Tsakiyar Taurari Biyu: Shin Aure Yana da Taswirar Haihuwa Tasa?

A cikin masu duba da taurari na Turai da Amurka akwai masu cewa idan mutum biyu suka haɗu, ko a aure ko a abota ko a kasuwanci, to an haifi wani abu na uku, wato ita dangantakar kanta, mai halinta da rabonta daban da na kowannensu. Har taswira suke zana mata, wadda suke kira haɗaɗɗiyar taswira. Wannan hanya ta bazu ne bayan da John Townley ya fitar da ɗan littafi a kanta a 1973, Robert Hand kuma ya biyo baya da wani babba a 1975. Dabarar neman tsakiyar taurari biyu kuwa ta girme su, domin masu duba na Jamus irin su Alfred Witte da Reinhold Ebertin sun daɗe da kafa aikinsu a kanta.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, batun cewa dangantaka aba ce mai zaman kanta yana da ƙanshin gaskiya, amma lissafin tsakiya ba zai taɓa kamo ta ba. Ba a bukatar a je nesa neman hujja, domin lissafin da kansa shi ke tona asirin kansa.

Yadda ake lissafin

Masu duba suna ɗaukar hanyar da Rana ke bi a sararin sama cikin shekara a matsayin da'ira mai digiri 360, su raba ta buruji 12, kowane digiri 30, daga Hamal a fari, sai Sauru, Jauza'u, Saraɗanu, Asadu, har zuwa Hutu. Taswirar haihuwar mutum ita ce jerin wuraren da Rana da Wata da sauran taurari masu tafiya suke a kan da'irar a lokacin da aka haife shi. Don a sami haɗaɗɗiyar taswira, sai a ɗauki Ranar miji da Ranar mata a nemo tsakiyarsu, a yi haka ga Wata da Wata, Zahra da Zahra, har a gama.

Alal misali, a ce Ranar miji tana digiri 10, ta mata kuma tana digiri 140. A tara su a sami 150, a raba biyu a sami 75, wato digiri 15 cikin burujin Jauza'u. Daga nan sai mai duba ya ce ginshiƙin wannan aure shi ne hira da musayar tunani, domin abin da littattafansu suka jingina wa Jauza'u ke nan. Zahra ta haɗaɗɗiyar taswira ita ce wai ƙaunar da ke cikin auren, Wata kuma natsuwar gida.

Abin da tsakiya ke zubarwa

Matsala ta farko ita ce, neman tsakiya yana zubar da bayani, ba ya ƙara shi. Digiri 10 da 140 sun ba da 75. To amma 60 da 90 ma 75 za su bayar, haka 74 da 76. Ma'auratan farko an haife su wata huɗu da 'yan kwanaki tsakani a zagayen shekara, na biyu wata guda, na uku kwana biyu kacal, amma duk Rana ɗaya haɗaɗɗiyar taswira ta ba su. Abin mamaki shi ne, su kansu masu duba suna ɗora babban nauyi a kan tazarar da ke tsakanin tauraron miji da na mata idan suna gwada taswira biyu gefe da gefe. Wannan tazara ita ce ainihin abin da lissafin tsakiya ke shafewa. Ga shi kuwa idan akwai wani abu a cikin lambobin nan da ya cancanci a kira shi dangantaka, to tazarar ce.

Da'ira tana da tsakiya biyu

Matsala ta biyu ta fi tsanani. A kan miƙaƙƙen layi, wuri biyu tsakiya ɗaya gare su. A kan da'ira kuwa biyu ne, ɗaya ta gajeriyar hanya, ɗaya ta doguwa, suna fuskantar juna da tazarar digiri 180. Ƙa'idar masu duba ita ce a ɗauki ta gajeriyar hanya. Wannan yana tafiya lami lafiya sai an zo ga mutum biyu da taurarinsu suka kusa fuskantar juna. Idan Ranar miji tana 10, ta mata tana 189, tsakiya tana 99 da rabi, cikin Saraɗanu. Da an haifi matar bayan kwana biyu, Ranarta tana 191, sai gajeriyar hanya ta koma ɗaya ɓangaren, tsakiya ta yi tsalle zuwa 280 da rabi, cikin Jadyu. Ga Wata abin ya fi muni, domin yana tafiyar kimanin digiri 13 a yini, wato wajen rabin digiri a sa'a. Kuskuren sa'a biyu a lokacin haihuwa, wanda ba baƙon abu ba ne ko a takardun asibiti, ya isa ya juyar da natsuwar gidan mutane daga wannan gefen sama zuwa wancan.

Ga cikakken misali da ke nuna inda wannan ke kai mutum. An haifi miji a ƙarshen Maris, Ranarsa tana 10, Zahrarsa tana 40. An haifi mata a ƙarshen Satumba, Ranarta tana 184, Zahrarta tana 226. Duka biyun abu ne mai yiwuwa a sama. Tsakiyar Rana ta faɗo a 97. Tazarar Zahra da Zahra kuwa 186 ce, ta haura rabin da'ira, don haka gajeriyar hanya ta bi ta baya, tsakiya ta faɗo a 313. Yanzu a haɗaɗɗiyar taswira tazarar Rana da Zahra ta zama digiri 144. To ilimin falaki ya tabbatar da cewa Zahra ba ta nisantar Rana fiye da kimanin digiri 47 ga mai kallo daga ƙasa, domin kewayenta yana cikin kewayen duniya ne. Shi ya sa ba a ganinta sai a yamma bayan magariba ko a gabas kafin fitowar rana. Ashe taswirar ta zana samaniyar da ba a taɓa yi ba, ba kuma za a taɓa yi ba.

Masu wannan sana'a sun san da haka. Maganin da da yawansu ke yi shi ne su juya Zahra zuwa ɗaya tsakiyar, wato 133, inda za ta dawo digiri 36 daga Rana. Amma 313 yana cikin Dalwu ne, burujin da suke fassarawa da ƙauna mai sanyi irin ta abokai, alhali 133 yana cikin Asadu, wanda suke fassarawa da ƙauna mai zafi da son nunawa. Aure ɗaya, lambobi ɗaya, fassara biyu masu karo da juna, kuma abin da ke raba gardama shi ne zaɓin mai lissafi.

Wani Baturen Ingila, Ronald Davison, ya kawo wata hanya a shekarun 1970, inda ake neman tsakiyar lokutan haihuwa biyu da tsakiyar wurare biyu, a zana taswirar wannan lokaci da wuri. Wannan ta kauce wa samaniyar ƙarya, amma idan an haifi ɗaya a Landan ɗaya a New York, sai a ce an haifi aurensu a tsakiyar Tekun Atilantika, shekaru kafin su san juna. Bugu da ƙari, hanyoyin biyu sukan ajiye Wata a burujai dabam-dabam, kuma babu wani ma'auni da aka amince da shi na gane wadda ta dace.

Yadda abu na uku yake a zahiri

Ilimin halittu ya san abin da ake kira haɗuwa mai haifar da sabon abu. Duk wanda ya tuge wake ko gyaɗa zai ga 'yan ƙulla-ƙullai a jikin saiwa. Wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa ne suka shiga saiwar, ita kuma ta gina musu ɗaki. A cikin ƙullin ake kamo iskar naitirojin ana mayar da ita abincin shuka. Waken ba ya iya wannan shi kaɗai, kuma ƙullin ba ya fitowa idan babu ƙwayoyin. Idan aka tsaga ƙulli mai aiki za a ga cikinsa ja-ja, saboda wani sinadari ɗan'uwan wanda ke sa jini ja, wanda ba a samunsa a saiwar da ƙwayoyin ba su shiga ba. Wannan shi ne abu na uku na gaskiya: ana ganinsa, ana auna shi, yana da lokacin farawa, yana iya lalacewa. Babu wanda zai tara siffofin wake da na bakteriya ya raba biyu ya sami jan ƙulli.

Haka aure yake. A 2020 Samantha Joel da Paul Eastwick da abokan aikinsu suka tattara bayanan bincike 43 a kan ma'aurata da masoya fiye da dubu 11. Sun gano cewa abin da ya fi nuna gamsuwar mutum shi ne yadda yake ganin zaman kansa, kamar ko abokin zamansa ya riƙe alkawari, ko ana yaba wa juna, da yawan saɓani, fiye da halayen da kowa ya zo da su. Wato abu na ukun a cikin zama ake gina shi. Haɗaɗɗiyar taswira kuwa ta kammalu tun ranar da aka haifi ƙaramin cikinsu, kuma ana iya zana ta ga kowane mutum biyu a doron ƙasa, ko da ba za su taɓa haɗuwa ba.

A ɗaya ɓangaren, David Voas na Jami'ar Manchester ya binciki ma'aurata kimanin miliyan 10 daga ƙidayar Ingila da Wales ta 2001, ya fitar da sakamakon a 2007. Bai sami alamar cewa burujin Rana yana jan wani zuwa ga wani ba, bayan an cire kurakuran cika takarda. Burujin Rana kaɗai ya gwada, amma shi ne tubalin farko da ake ɗora lissafin tsakiya a kansa, kuma idan tushe bai tsaya ba, gini ba ya tsayawa.

Gwajin da kowa zai iya

Mai son tantancewa ba ya bukatar ɗakin gwaji. A ba mai duba haɗaɗɗun taswirori na ma'auratan da suka shekara talatin tare, gauraye da na waɗanda suka rabu cikin shekara biyu, ba tare da sunaye ba, a ce ya ware su. Idan bai wuce abin da jefa kwabo zai bayar ba, magana ta ƙare. Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin mai neman aure na iya janye jiki saboda Zahra ta faɗo a 313, alhali da wani ne ya yi lissafin da 133 za ta faɗo. Mahaƙurci ma na iya ci gaba da zaman cutarwa don an ce taswirarsu ta yi kyau. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wato zaman shi ke yin tasiri. Wanda ke son sanin halin aurensa, shaidar tana cikin gidansa, a yadda ake magana da juna da yadda ake sasantawa bayan an saɓa.