Idan an soke tashin jirgi, kada a karɓi takarda a madadin kuɗi

Duk wanda ya saba da filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja ya san yadda abin yake. Mutum ya yi sammako, ya auna kaya, ya zauna jira, can sai lasifika ta ce an soke tashi. Kafin fasinja ya dawo hayyacinsa, an miƙo masa wata takarda ko an turo masa saƙo a waya cewa kuɗinsa na nan a ajiye, ya yi tafiya da su wata rana. Matsayinmu a wannan jarida shi ne kada kowa ya yi gaggawar sa hannu.

Sashe na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya na 2023 ya ba fasinja zaɓi: a mayar masa da kuɗinsa, ko a sa shi a wani jirgin ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Wanda ya sayi tikitin cikin gida da tsabar kuɗi, nan take ya kamata a biya shi. Wanda ya biya ta banki, cikin kwana 14. Takardar ajiyar kuɗi kuwa ba ta halatta sai da amincewar fasinja a rubuce. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ma ta gindaya wannan sharaɗi, kuma a can kwana 7 ne wa'adin biya.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya sayi tikitin Kano zuwa Legas a kan naira 120,000 tun wata guda kafin tafiya. Idan ganawar da za shi gobe ce, kuma kujera a yau ta kai naira 200,000, karɓar kuɗi asara ce gare shi. Da zarar an biya shi, alkawarin kai shi Legas ya sauka daga wuyan kamfani, cikon naira 80,000 kuma daga aljihunsa zai fito. Wannan mutum sauyin jirgi ya kamata ya nema, kuma ya tabbata an ba shi sabon tikiti mai rana da lokaci, kada ya tafi da alkawarin baka. Amma idan ɗaurin aure ne za shi da safiyar nan, tafiyar ta riga ta tashi daga aiki, sai ya karɓi kuɗinsa.

Takardar ajiya ba ta kai shi Legas ba, ba ta kuma dawo masa da kuɗinsa ba. Bashi ne ya ba kamfani, kuma kamfanin ne ya rubuta sharuɗɗan. Galibi tana da ranar mutuwa, sunan mutum ɗaya ke kanta, kuma a kamfani ɗaya kawai take aiki. Adadin da ke jikinta ba ya motsi, alhali farashin tikiti na hawa, musamman a watan Disamba da lokacin Sallah. Takardar da a yau take daidai da kujera guda, nan da wata shida ƙila rabin kujera ce. Idan kuma aka dakatar da kamfanin ko ya durƙushe, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, mai takarda ya shiga layin masu bin bashi. Mafi muni, sa hannun ko danna `Accept` a waya shi ne hujjar da za a nuna masa ranar da ya dawo neman kuɗi.

Akwai kuma diyya, wadda dabam take da kuɗin tikiti. A tafiyar cikin gida, idan ba a sanar da fasinja awa 24 kafin tashi ba, yana da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti, wato naira 30,000 a misalinmu, sai fa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazon hunturu da ke rufe filin jirgi. Ko a nan diyya ce kawai ta faɗi, kuɗin tikiti na nan daram.

Don haka fasinja ya adana saƙon sokewa da rasidinsa, kada ya riga kamfani soke tikitin da kansa. Wanda ya saya ta hannun ejan, ya bibiyi ejan, domin can kuɗin kan koma. In an hana shi, jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar suna filayen jirgi.

Ga hukumar kuma, muna kira da ta wajabta wa kamfanoni su faɗi zaɓin mayar da kuɗi a cikin saƙon sokewa, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kafin a ambaci kowace takarda.