Doguwar gaisuwa ce ke korar mana masu kallo

Jama'ar Suleja, yau a kan 'yan gajerun bidiyoyin da matasanmu ke ɗorawa a TikTok da Facebook da YouTube za mu yi magana. Daga Kasuwar IBB har Madalla, da wuya ka wuce layi guda ba ka ga tela ko mai sayar da atamfa ko mai gyaran waya ya kafa wayarsa yana ɗaukar hajarsa ba. Kukansu kuma iri ɗaya ne: an ƙona data, an ɓata lokaci, ciniki bai ƙaru ba. Wasu su ce an danne musu shafi ne, wasu su ce sai da kuɗi. Mu a ganinmu, mafi yawan lokaci matsalar tana cikin daƙiƙa uku na farkon bidiyon, kuma wayar da ke hannun mutum tana nuna masa hakan, shi ne bai duba ba.

Ga yadda muka saba farawa. Sallama, sannan barkanmu da warhaka, sannan da fatan kuna lafiya, sannan sunan shago da kirarinsa, sannan a roƙi jama'a su bi shafi. Kafin a nuna kaya, daƙiƙa goma sha biyu sun tafi. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure, inda baƙo ya riga ya zauna a kan tabarma. Amma mai kallon gajeren bidiyo bai zauna ba. Wataƙila yana cikin motar haya tsakanin Zuba da Suleja, ya gaji, babban yatsansa na kan waya, kuma bai nemi bidiyonka ba, jefo masa shi aka yi. Ya fi kama da mai wucewa ta gaban rumfarka a kasuwa. Ɗan kasuwar da ya san aikinsa ba ya tare mai wucewa da tarihin shagonsa, ɗaga masa zanen yake yi ya faɗi kuɗinsa.

Ba muna cewa a bar sallama ba ne. Sallama daƙiƙa biyu ce, a yi ta kayan na gaban kyamara. Abin da za a bari shi ne jerin gaisuwar da ke biyo bayanta. Tela ya fara da ɗinkakkiyar babbar riga, ya ce: "Yadi nawa wannan ta ci? Ga lissafin." Mai gyaran waya ya nuna wayar da ta ƙi caji, ya ce kafin ka sayi sabon batir, duba wannan ramin. A kuma rubuta wannan jimlar a kan hoton, domin da yawa suna kallo ne a cikin jama'a, murya a kashe. Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka yi alkawari a farko, a cika shi. Wanda ya buɗe da "ku zo ku ga abin al'ajabi" sannan ya nuna takalma, ramin ƙarya ƙurarre ne, gobe da an ga fuskarsa za a wuce.

To, yaya mutum zai san ko buɗewarsa ta yi aiki? Ba daga yawan waɗanda aka ce sun kalla ba. Wannan lambar tana ruɗi. Tun ƙarshen watan Maris na 2025, YouTube ke lissafa kallo a Shorts da zarar bidiyo ya fara tafiya, ko da mutum ya ture shi nan take. Lambar da ta fi faɗin gaskiya tana can cikin bayanan kowane bidiyo. A TikTok akwai Average watch time, wato matsakaicin lokacin da ake yi ana kallo, da Watched full video, wato kason waɗanda suka kai ƙarshe. A YouTube Studio akwai Average percentage viewed. Akwai kuma wani zane mai layi da ke gangarowa daga hagu zuwa dama, yana nuna kaso nawa na masu kallo suka rage a kowace daƙiƙa.

Mu ɗauki misali don lissafi. A ce wata mai sayar da atamfa ta ɗora bidiyo mai daƙiƙa 40, ta ga matsakaicin kallo daƙiƙa 8 ne. Takwas cikin arba'in kashi 20 cikin ɗari ke nan. Idan atamfar ta farko ba ta bayyana ba sai a daƙiƙa ta 12, kuɗinta kuma sai a ta 35, to galibin waɗanda aka ce sun kalla gaisuwa kawai suka ji, ba su ga zane ko ɗaya ba. Sai ta sake yin bidiyon: atamfa da kuɗinta a daƙiƙar farko, kala uku maimakon bakwai, sunan layin shagonta a ƙarshe, duka a daƙiƙa 20. Idan matsakaicin ya koma 12, ta kai kashi 60. Daƙiƙa huɗu kacal aka ƙara, amma yanzu duk sun faɗa a kan haja.

Siffar layin nan ma magana take yi. Idan ya faɗi tim tun a farko, buɗewar ce ba ta kama ba. Idan ya riƙe da kyau sannan ya rufta a tsakiya, ka je daidai wannan daƙiƙar ka kalla, za ka tarar a nan ka maimaita magana, ko ka tsaya neman kaya, ko ka fara roƙon a bi shafi. Wannan wurin za a yanke. Idan kuwa yana gangarowa a hankali, ba laifi, haka kowane bidiyo yake, babu wanda ke riƙe kowa har ƙarshe.

A nan amsar tambayar tsawo take. Ana yawan tambayar mu, daƙiƙa nawa ya kamata? Tun watan Oktoba na 2024 YouTube ta yarda Shorts ya kai minti uku, amma don an ba ka fili ba dole ne ka gine shi duka ba. Magana ɗaya, bidiyo ɗaya. Nuna kuɗin zane ba ya buƙatar rabin minti. Wanda kuwa zai ba da labarin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar tukwane ta garin nan a 1954 lokacin ana kiransa Abuja, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, zai iya cin minti biyu a saurare shi, muddin ya fara da ɗaga takardar kuɗin. Shawararmu ga sabon shiga ita ce ya fara da daƙiƙa 20 zuwa 30, ya riƙa ƙara tsawo idan ya ga layin na riƙewa.

Sai dai lambobin nan suna da iyakarsu. Bidiyon da mutum hamsin suka gani, rabinsu 'yan uwa da abokai, ba a yanke hukunci da shi. A yi kamar goma, ana canza abu ɗaya kowane karo, sannan a kwatanta. Kada kuma a gwada kason bidiyo mai daƙiƙa 10 da na mai minti ɗaya, domin gajere ya fi sauƙin kaiwa ƙarshe, har yakan haura kashi ɗari idan ana maimaita shi. Uwa uba, kallo ba ciniki ba ne. Mai sayar da masa a Kwamba ba ta da abin yi da masu kallo dubu a Legas. Ta ambaci Suleja da bakinta, ta rubuta a kan hoton, ta kuma riƙa tambayar sabbin masu saye inda suka gan ta.

Saboda haka kafin wani ya sake sayen data ko ya biya a tallata masa shafi, ya buɗe bidiyonsa uku na baya, ya duba daƙiƙar da aka fi barinsa, ya saurari abin da yake faɗa a lokacin. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka.