Alamar kuskure ba ta koyar da kowa bayoloji

Malamai da yawa a makarantun sakandarenmu, daga Gwiwa zuwa Roni, Kazaure da Babura, sun ɗauki jarabawar canki-canka a matsayin hutu. Malami ya rubuta amsoshi a allo, ɗalibai su yi musayar takardu, kowa ya yi wa maƙwabcinsa maki, a shigar da jimla cikin rajista, shi ke nan. Wai ai amsa ɗaya ce daidai, sauran ukun shara ne. Ni ina ganin wannan ra'ayi yana cutar da yaranmu, domin a cikin amsoshin nan uku da ake zubarwa ne malami zai ga inda tunanin ɗalibinsa ya karkace.

Mu ɗauki tambaya ɗaya da ta shafi gidajenmu. Miji da mata duk suna da ƙwayoyin gado AS. Kashi nawa cikin ɗari ne yiwuwar su haifi ɗa mai sikila, wato SS? Zaɓin su ne A sifili, B 25, C 50, D 75. Amsar ita ce B, domin idan aka zana teburin gado mai gida huɗu, ana samun AA, AS, AS da SS. A ce aji na da ɗalibai 60, kuma 21 sun zaɓi B, 24 sun zaɓi C, 9 sun zaɓi D, 6 sun zaɓi A. Rajista za ta ce 39 sun faɗi. Amma ba faɗuwa iri ɗaya suka yi ba.

Masu A sun dubi iyayen, sun ga lafiyarsu ƙalau, sai suka ce mai lafiya ba ya haifar marar lafiya. Waɗannan ba su gane cewa mutum na iya ɗauke da ƙwayar gado ba tare da ta bayyana a jikinsa ba, don haka daga tushe za a soma da su. Masu D kuwa sun fi su nisa. Wasu sun haddace uku bisa ɗaya na gwajin Mendel a kan wake, suka ɗauki ukun a inda ake neman ɗayan. Wasu sun zana teburin daidai, sannan suka ƙirga duk gidan da harafin S ya bayyana a ciki.

Masu C su ne suka fi damuna, domin galibi yara ne masu tunani. Yaro ya ce uba zai ba da S a rabin lokuta, ya tsaya nan, ya manta cewa sai uwa ma ta ba da nata, kuma rabin rabi shi ne rubu'i. Wani kuma ya ƙirga gidajen AS guda biyu, saboda a zatonsa mai AS shi ne mai ciwon. Wannan ruɗanin ba a aji zai tsaya ba. Shi ne zai bi yaron har ranar da zai karɓi sakamakon gwajin jini kafin aure. Malamin da ya ce da su "amsar B ce, ku gyara" ya bar kowa da kuskurensa, harafi kawai ya canza.

Su ma masu B kada a saki jiki da su. Idan zaɓi huɗu ne, ko da ido rufe ajin ya canka, kusan 15 cikin 60 za su dace. A tambaye su: idan ma'auratan sun haifi 'ya'ya uku lafiya, dole ne na huɗun ya zo da sikila? Wanda ya ce e bai fahimci cewa kowane ciki da nasa lissafin ba.

Na san abin da abokan aiki za su ce: aji ya cika, ga manhaja ba a gama ba, ga WAEC da NECO sun ƙarato. Gaskiya ne, amma ba kowace tambaya za a bi ba. Yayin maki, a ajiye takarda a gefe mai layi huɗu, ana saka ɗigo ƙarƙashin harafin da kowa ya zaɓa. A ware tambayoyi biyar da aka fi faɗuwa a kai, a shiga aji da su. Kada a dogara da ɗaga hannu, domin yara suna duban gwanin aji kafin su ɗaga. A sa mutum ɗaya daga kowane rukuni ya fito allo ya nuna hanyar da ya bi, ba tare da an yi masa dariya ba.

Ƙirgen yana tona asirin mai tambaya ma. Idan gwanayen aji sun taru a kan zaɓin da takardar amsa ta ce kuskure ne, a sake duba takardar amsar, ko kuma tambayar tana da harshen damo. Zaɓin da ba wanda ya taɓa kuwa ba ya auna komai, sai a musanya shi da wani kuskuren da aka ji daga bakin yara a aji kafin jarabawar zango mai zuwa.