Awa bakwai muna gardama, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba

Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, amma duk mai shirin shiga hakaton, wato gasar nan ta haɗa manhaja cikin kwana ɗaya, ya daure ya karanta.

Kwanakin baya mu biyar muka shiga irin wannan gasa a nan Yola. An buɗe ƙarfe 9 na safiyar Asabar, za a rufe ƙarfe 9 na safiyar Lahadi. Wallahi har aka kira La'asar ba mu tsayar da abin da za mu yi ba. Kuma ba rashin dabara ya hana mu ba. Dabaru uku ne a kan tebur, kowacce da mai kare ta kamar gonar gado.

Ta farko ita ce gargaɗin ambaliya. Duk wanda ya zauna a Adamawa ya san abin da ake nufi idan aka ce Kamaru za ta saki ruwan Lagdo. Mun ga 2012, mun ga 2022, kuma dam ɗin Dasin Hausa da ake ta maganarsa a Fufore har yau bai tabbata ba. Mutum biyu a cikinmu suka ce mu yi manhajar da za ta tura saƙo ga mazauna bakin Binuwai kafin ruwa ya iso. Ni ina cikinsu, ni ne ma na fi kowa ɗaga murya. Ta biyu farashin shanu a kasuwar Ngurore. Ta uku, wadda muka yi wa dariya da farko, ita ce lissafin bashi na 'yan kasuwar Jimeta.

Ra'ayina yanzu shi ne, a gasar kwana ɗaya kuskure ne a zauna ana tambayar wace matsala ta fi girma. Wannan gardama ba ta ƙarewa, domin kowa yana da gaskiya. Tambayar da ke raba gardama ita ce: gobe da safe, cikin minti uku, me alƙalai za su gani da idonsu yana aiki?

Ku yi lissafin da mu ba mu yi ba sai da yamma. Awa 24 ake cewa, amma cire huɗu na barci, cire uku na salloli da abinci, cire uku na shirya bayani da gwada shi. Saura 14. Daga 9 zuwa 4, in ka ɗauke awa guda ta Azahar da abincin rana, mun ƙona shida a surutu. Saura takwas, ban ma sa ɗaukewar wuta da tsinkewar data a ciki ba.

Wata 'yar ajinmu ce ta cece mu. Ta yago takarda uku ta ce, "Kowa ya rubuta min abin da za a nuna, daga danna farko zuwa na ƙarshe. Wanda ya maƙale a tsakiya, tasa ta faɗi." Na ɗauki biro da ƙarfin gwiwa. Mataki na ɗaya, manhaja ta ga ruwa ya ƙaru. Nan na tsaya. Daga ina za ta gani? Ba mu da ma'aunin tsayin kogi a hannu. Akwai hasashe na duniya kamar GloFAS na Turai, amma daga "kogi zai cika" zuwa "unguwa kaza ku tashi yau" akwai taswirar tudu da kwari, akwai tarihin inda ruwa ya saba kaiwa, kuma ba abin da za mu haɗa a dare ɗaya ba ne. Abin da ya rage shi ne mu ƙirƙiri lambobi da kanmu mu nuna su a allo. A harkar da saƙon ƙarya zai iya tayar da mutane daga gidajensu, ko ya bar su a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta shanu ta faɗi da sauri. Kasuwar mako ce, ba mu da lambar dillali ko ɗaya, kuma ba wanda zai je Ngurore ya dawo a wannan yammacin.

Ta bashi kuwa, ɗaya daga cikinmu kawunsa yana sayar da hatsi a kasuwar Jimeta. Aka kira shi a waya, muna ji. Kiran bai kai minti goma ba, amma ya rushe rabin abin da muke zato. Mu a tunaninmu littafin bashi ne matsalarsa. Ya ce a'a, littafinsa lafiya lau yake, shekara da shekaru bai taɓa ɓata ba. Abin da ke damunsa shi ne tuni. Yaya zai kira maƙwabcinsa ko surukinsa ya ce a kawo kuɗin buhun masara? Kunya ta hana, bashi ya kwana wata uku. In da wani abu zai tuna wa mutum ba da bakinsa ba, ya ce, wannan zai so.

Kun ga da ba mu kira ba, da mun kwana muna gina littafin da ba ya buƙata.

Sai muka ɗauki minti talatin muka gwada ɓangaren da ya fi ba mu tsoro, kafin kowa ya taɓa zanen fuska. Kawun ƙaramar waya yake riƙewa, don haka sai dai USSD, irin lambar nan da kuke dannawa ku duba kuɗin banki. Samun lamba ta gaske da rajistar sunan mai tura saƙo abu ne na kwanaki, ba ya yiwuwa a ƙarshen mako. Amma Africa's Talking suna da wurin gwaji mai wayar kwaikwayo, inda amsar da sabarka ta mayar za ta fara da `CON` in hira za ta ci gaba, ko `END` in ta ƙare. Da menu na farko ya fito a allo, muka san wannan za ta ginu. Abu uku kawai muka yarda ta yi: shigar da bashi, duba wanda ake bi, tura tuni cikin ladabi da Hausa ko Fulatanci.

Abu ɗaya da nake roƙonku ku guje wa shi ne ƙuri'a tun da wuri. Mun yi ta da misalin 11, ta fito biyu, biyu, ɗaya. Daga nan kowa ya daina sauraro ya koma neman mai ƙuri'a ɗayan. Har wani ya kawo shawarar a haɗa duka ukun a manhaja guda don kada ran kowa ya ɓaci, muka ɓata kusan awa muna zana wannan dodon. Idan kun ji an fara cewa "ai za mu iya ƙara masa", ko kun ga ana gardamar suna da tambari alhali ba a san wa zai fara dannawa ba, to kun shiga ramin da muka shiga.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma na faɗa a ranar: wannan hanya tana kashe manyan tunani, kullum sai ƙananan abubuwa. Akwai gaskiya a ciki. Wasu alƙalan ma babban buri ke burge su, kuma mu ba mu ci gasar ba. Har gobe ina ganin ambaliya ta fi bashin masara muhimmanci nesa ba kusa ba. Amma aiki ne na watanni, da wasiƙar neman bayanai, da zama da masu unguwanni. Na ɗauke shi na kai wa malamin da ke duba bincikena na digiri na biyu, muna kan magana.

In na sake shiga, ƙarfe 11 ne iyaka. Tun daren Juma'a kowa zai zo da lambar wayar mutum ɗaya da matsalar ta shafa, wanda zai ɗauka in an kira shi da safe. Kuma za mu naɗa mai yanke hukunci tun kafin a ji dabarar kowa, don kada a ce ya yi son kai.

Kawun ya aiko a tambaye mu ko an gama abin nan. Har yanzu a wayar kwaikwayo yake, muna haɗa kuɗin lamba.