Kafin Mu Ajiye Kuɗi, Mu San Wace Riba Za Mu Ci

Abu biyu Bahaushe yake rubutawa da kalmar riba. Akwai ribar ɗan kasuwa, wadda halal ce, akwai kuma wadda Suratul Baƙara ta haramta, wato kuɗin ruwa, ƙarin da ake sharɗantawa a kan bashi. Tunda da ajiyarmu bankin Musulunci yake juyawa, wajibi ne mu san bambancin.

A ce tela yana buƙatar keken ɗinki na naira 200,000. Idan banki ya miƙa masa kuɗin, ya ce ya mayar da 230,000, ruwa ke nan. Idan kuwa bankin ya sayi keken, ya zama mallakinsa, ya bayyana nawa ya saya, sannan ya sayar wa tela a kan 230,000, biyan 23,000 duk wata har wata goma, wannan ita ce murabaha. Lissafin ɗaya ne, amma da keken zai lalace kafin a sayar, asarar banki ce. Wannan kasadar, da kayan da aka mallaka, su suka halatta 30,000 ɗin.

Haka sukuk yake. Wanda Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, a kan haya aka gina shi. Mai saye yana da rabo a kadarar, kuɗin haya yake karɓa.

Saboda haka, kada sunan Larabci ya ishe mu hujja. Mu tambayi banki: shin yana mallakar kaya kafin ya sayar? Idan tela ya yi jinkirin biya, farashi yana ƙaruwa ya shiga aljihun banki? In yana ƙaruwa, ruwa ya dawo, suna kawai ya sauya. Allah Ya ciyar da mu halal.