Tafinta a Kauru: inda sana'ar ta halatta da inda doka ta ja layi

A ƙaramar hukumar Kauru ta jihar Kaduna, Hausa ce harshen kasuwa, amma Turanci ne harshen takarda. Wannan giɓi ne ke sama wa matashin da ya iya harsunan biyu abin yi: cike fom, rubuta wasiƙa, raka baƙon ɗan kasuwa ciniki, ko tsayawa tsakanin majiyyaci da likita. Jarin kaɗan ne. Haɗarin kuwa yana cikin kalma ɗaya da za ta kauce.

A ɗauki misalin manomin da ya karɓi naira dubu 300 ya ba da gonarsa jingina, da nufin fansarta bayan girbi. Wanda ya ba da kuɗin ya kawo yarjejeniya da Turanci, kalmar da ke ciki kuwa ta sayarwa ce. Tafinta ya taƙaita da cewa "takardar kuɗin da ka karɓa ce", manomi ya dangwala yatsa. Ranar fansa, takarda za ta ce gona ta tafi. Alamar tana nan tun farko ga mai lura: babu wani sashe da ya ambaci fansa ko mayar da kuɗi. Aikin tafinta shi ne ya karanta layi-layi, sannan ya nemi manomin ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Wannan mataki ya fi zama dole a Kauru, domin ga dattijon Atsam ko Surubu, Hausar ma harshe na biyu ce, kuma "to" ɗinsa na iya zama ladabi kawai.

Doka ta san da wannan matsala. Sashe na 119 na Dokar Shaida ta 2011 ya wajabta cewa takardar rantsuwar wanda bai iya karatu ba ta nuna an karanta masa ita, ko an fassara masa da harshensa, kuma ya nuna alamar fahimta. Sai dai akwai iyaka da masu sana'ar ke yawan tsallakewa: sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya hana wanda ba lauya ba karɓar lada don tsara takardar mallakar fili ko gida. Fassara ta halatta gare shi, tsara yarjejeniyar gona kuwa aikin lauya ne.

A asibiti ma, sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora nauyin fahimtar da majiyyaci a kan ma'aikacin lafiya, tafinta mataimaki ne kawai.

A ganina, duk jami'in da ke tsara shirin horar da matasa a Abuja ya kamata ya fara da waɗannan sassa uku kafin rabon kwamfuta. Kuma a koya wa tafinta ya riƙa rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasan duk abin da ya fassara, ya ajiye kwafi, domin ranar da rigimar gona ta kai gaban alƙali, shi za a fara nema.